Juyin Ƙasa na Ticha Iliasu

Ticha Iliasu bai taɓa riƙe bindiga ba, bai taɓa shiga jam'iyya ba, ko kaza ce sai ya kira maƙwabci ya yanka masa. Amma shi ne mutumin da aka ce zai kifar da gwamnati da takarda ɗaya, kuma takardar nan shirin darasi ce a kan gyaɗa da dawa. Ni sunana Mutala, ina cikin ɗalibansa, shekarata goma sha shida a lokacin. Abin da na gani da idona zan faɗa. Sauran kuma daga bakinsa na ji, bayan shekaru masu yawa, lokacin da ya yarda ya yi magana.

A Salaga aka haife shi, a gidan Malam Osman mai makarantar allo. Karatu a zaure, noma a bayan gari, haka gidan yake. Kakansu na da gonar doya, kuma tsohon nan ba ya maimaita shuka a wuri ɗaya. In an sare sabon daji doya ce ke fara shiga, baɗi a zuba dawa ko masara, baɗin baɗaɗa gyaɗa, daga nan a bar wurin ya koma daji ya huta. Iliasu na bin tsohon yana tambayar dalili, tsohon kuwa amsarsa ɗaya ce, haka muka tarar.

Da aka zo neman yaran da za a sa boko, Malam Osman ya rantse ba ɗansa ba. Wan Iliasu, wanda kowa ke kira Ɗanlarai, shi ya ja hannun yaron da safe ya kai shi aka rubuta sunansa. Da rana uban ya ji labari, ya ɗauko dorina ya rufe Ɗanlarai da duka a tsakar gida har bayan rigarsa ya jiƙe da jini. Ɗanlarai bai gudu ba, bai kuma ce zai ciro yaron ba. Da hannun uban ya gaji, sai ya ce, "Baba, in ka huta ka ci gaba, amma gobe ma zai je." Ya kuwa je.

Ɗanlarai ƙato ne, mai murya kamar ana kiran kwale-kwale daga wancan ƙetare. Ya bar Salaga ya koma Yendi yana sayar da kanwa da goro, ya auri wata mata mai suna Zalia. Da Iliasu ya gama kwalejin horon malamai, Allah ya sa Yendi aka fara tura shi, ya sauka a gidan wansa shekara bakwai. A nan ne ya haɗa abin da kakansa ke yi da abin da ya karanta a littafi, ya gane dalilin da tsohon ya kasa ba shi. Tun daga nan ya zama mutumin da ba a zama kusa da shi a wajen biki, don duk maganar da aka ɗauko sai ya karkata ta zuwa saiwar gyaɗa. Ɗanlarai kan ce, "Na sha dorina don ka zama Alkali, ka dawo mini manomi mai wando." Amma wata rana a tasha wani yaron mota ya mari Iliasu a kan wurin zama, Ɗanlarai ya bar goronsa a buɗe, ya ɗaga mutumin sama ya maka shi a jikin motar har haƙora biyu suka zube. Sai da mutum huɗu suka riƙe shi.

A shekarar 1961 'yan kasuwar zangon Bawku, unguwar Hausawa da sauran baƙi, suka haɗa kai suka buɗe wata 'yar sakandare, azuzuwa biyu da rufin kwano, suka nemi mai koyar da kimiyya da noma. Iliasu ya zo da kekensa da akwati ɗaya. Bawku ba Salaga ba ce. Mutane sun yi yawa, daji ya ƙare, gero da dawa ake zubawa a gona ɗaya shekara da shekaru har ƙasar ta yi fari. Filin da aka ba makaranta a bayan azuzuwa yana cikin mafi muni. Da ya gan shi murna ya yi, mu kuwa muka ce lallai Tichan nan da sauransa.

Da damina ta faɗi a 1962 ya sa muka shuka dawa a rabin filin, gyaɗa a ɗaya rabin, bai ce mana komai ba. Jira yake mu dawo hutu a watan Satumba, lokacin da gonar za ta nuna abin da yake so mu gani. Ta kuwa nuna. Dawar ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya, ko'ina a gindinta wuta-wuta ce ta fito da furenta mai ruwan hoda. Wuta-wuta ciyawa ce da ke maƙale wa saiwar dawa da gero tun tana ƙarƙashin ƙasa, ta tsotse su, kafin ka ga kanta a waje ta riga ta gama ɓarna. Gyaɗar kuwa ta yi kore shar.

Ya rubuta shirin darasin sau biyu. Na Turanci ya kai wa hedimasta ya sa hannu, kamar yadda doka ta ce. Na biyu nasa ne na aljihu, da Hausa cikin ajami, domin a ajinmu akwai 'yan ƙabilun Kusasi da Mamprusi da Mosi da Busanga, kuma in Turanci ya cije Hausa ce ke kwance mu duka. Daga baya na riƙe irin takardar a hannuna, don ya sake rubuta ta, saboda haka na san abin da ke ciki. A sama akwai aji da lokaci, darasi biyu a haɗe, minti tamanin. Sai manufa: ɗalibi ya iya faɗin dalili uku da ke sa a sauya shuka, ya kuma zana yadda za a bi da lambun makaranta shekara huɗu. Kayan aiki igiya ce da turaku da fartanya da reza. Gabatarwa ita ce a tsaya tsakanin dawa da gyaɗa a tambayi yara me suka gani. Bayan haka a tumɓuke gyaɗa ɗaya a wanke saiwarta, a nuna musu 'yan ƙulle-ƙullen da ke jiki, a tsaga ɗaya da reza. In cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin da ke ciki suna aiki, suna kamo abincin shuka daga iska, abin da littafi ke kira naitirojin. A tono dawa ɗaya kuma a nuna inda wuta-wuta ta kama saiwa.

A tsakiyar takardar ya zana murabba'i ya raba shi gida huɗu, da kibiyoyi suna zagayawa. Gida na ɗaya gyaɗa, na biyu dawa, na uku dankali, na huɗu hutu da taki. Kowace shekara dawa ta bi bayan gyaɗa ta ci abin da ta bari, dankali ya bi bayan dawa, hutu ya bi bayan dankali, gyaɗa ta shiga inda aka huta. Ta haka dawa ba ta komawa gidanta sai bayan shekara huɗu, wuta-wuta da ƙwarin dawa su rasa abin kamawa. Har ya rubuta gargaɗi cewa juyin kaɗai ba ya kashe wuta-wuta, don irinta na iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma, dole a riƙa tumɓuke ta kafin ta zuba iri a ƙone. A ƙarshe a raba aji rukuni huɗu, kowane rukuni da gidansa da shugabansa.

Abu ɗaya ya rage masa, sunan darasin da Hausa. Da ya ce juyin shuka, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma Ticha mutum ne mai taurin kai a kan kalma. Ya ce ai ba don shuka ake yi ba, don ƙasa ake yi. Sai ya rubuta da manyan baƙaƙe: Juyin Ƙasa Cikin Shekara Huɗu.

To, a farkon watan Agusta na shekarar nan aka jefa bam a Kulungugu, nan kusa da mu, inda shugaban ƙasa ya tsaya a kan hanyarsa. Tun daga ranar Bawku ta rikice. Wasu mutane da aka turo daga kudu suka mamaye wani tsohon siton gyaɗa a bakin gari, suna tare hanya suna lalube jakunkuna. Ba mu san sunayensu ba, ba mu san wa ya aiko su ba, ba mu kuma tambaya ba. Wanda aka shiga da shi siton, in ya fito to a kan kafaɗar 'yan'uwansa ne. Kowa a garin ya koyi auna maganarsa, ban da Ticha Iliasu, wanda hankalinsa na kan wuta-wuta.

Ranar Talata bayan an tashi ya kira mu mu huɗu gefe, ni da Yusif da Sana da wata yarinya Rafi'atu. Ya ce mu ne shugabannin rukuni, kada mu gaya wa kowa tukuna don kada a yi ta gardama, gobe mu zo da wuri da igiya da turaku mu auna filin kafin aji ya fito. Bai rubuta sunayenmu a takardar ba. Shi kaɗai ya san mu, sai mu.

Da safe muna cikin dawa muna jiransa, muka hango shi tafe a keke. Wata mota ta sha gabansa daidai kan hanyar makaranta, mutum uku suka diro. Suka zazzage jakarsa a ƙasa, ɗaya ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya nuna wa na kusa da shi zanen nan mai kibiyoyi. Ticha ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya sha gindin bindiga a baki. Ya faɗi a kan keken, suka bi shi da takalma, a ciki, a haƙarƙari, a kai. Rafi'atu za ta yi ihu, Yusif ya toshe mata baki. Da suka ɗago shi jini na zuba a farar rigarsa, ya juyo wajen lambu, na tabbata ya gan mu. Sai ya kau da kai ya kalli wani gefen, suka jefa shi bayan motar.

Hedimasta da ya ji, ya ɗauko takardar Turancin nan da ya sa wa hannu, wadda ita kaɗai za ta nuna darasi ne, ya yayyaga ta ya watsa a masai. Har ya mutu ban sake gaishe shi ba.

A siton, shugabansu wani siririn mutum ne mai gilashi, ba ya jin Hausa. Tafintansa Hausar kasuwa yake yi, ya ɗan taɓa allo yana yaro, saboda haka shi aka ba takardar. Ya riƙa bin baƙaƙen da yatsa yana tuntuɓe.

"Juyin ƙasa cikin shekara huɗu," ya karanta, ya fassara wa mai gilashi. Ya ci gaba. "Ƙasa ya gaji da abu ɗaya. Dole a juya shi."

"Ta gaji," in ji Ticha, da kumburarren bakinsa. "Ƙasa ta gaji. Kuma ƙasar noma nake nufi, wadda kake takawa."

Gyaran nahawu a irin wannan wuri, sai Ticha Iliasu. Aka zabga masa bel ɗin injin mota a wuya.

"Wuta, wuta na ƙarƙashin ƙasa," tafinta ya karanta, "ba a ganin shi sai ya gama aiki."

Mai gilashi ya cire gilashinsa ya goge. Ya sa aka tambaye shi wace wuta ce ake binnewa a ƙasa ba a gani sai ta gama aiki. Ticha ya ce ciyawa ce, kalma ɗaya ce, wuta-wuta, su aiki mutum bayan makaranta ya tsinko musu. Tafinta ya ce shi shekararsa ashirin yana jin Hausa bai taɓa jin ciyawa mai suna wuta ba. Ai kuwa ba zai ji ba, mutumin da bai taɓa sunkuyawa a gona ba. Zanen kuwa suka ce taswira ce, kibiyoyin hanyoyin shiga gari ne, gyaɗa da dawa da dankali laƙabin mutane ne. Da aka zo layin ƙarshe, rukuni huɗu kowane da shugabansa, mai gilashi ya ajiye takardar ya ɗora biro a kai.

"Masta ya ce ka ba shi suna huɗu," in ji tafinta, yana nuna mai gilashi. "In yaran makaranta ne kamar yadda ka ce, ba wahala. A kawo su, a tambaye su, su koma gida."

Ticha ya riga ya ga yadda ake tambaya a wurin. A kusurwar siton akwai wani saurayi mai tallan burodi da aka kawo don a tambaye shi kawai, kwanansa biyar yana fitsarin jini. Ticha ya tuna Rafi'atu, shekararta goma sha huɗu. Ya ce ya manta sunayen.

Kwana uku suna tuna masa. Suna ɗaure hannuwansa a jikin sikelin gyaɗa su ɗaga shi har yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa ƙasa, su yi ta bugu da bel har ya suma, su kwara masa ruwa su ci gaba. A rana ta uku suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan tebur, aka ce kowane suna da yatsansa. Aka fara da ɗan ali. Ya ce ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. A yatsa na uku ya san bakinsa zai buɗe ko yana so ko ba ya so, sai ya nemi sunayen da ba za su cutu ba. Zuciyarsa ta tafi maƙabartar Salaga. Ya ba su sunan wani liman da ya rasu tun yana yaro, da wani mahauci, da wani mai gyaran rijiya, duka matattu. Na huɗu ya ba su kakansa mai gonar doya, wanda shekara ashirin ke nan da binne shi. Ya ce, "Abdul-Kadiri, na gidan Malam Osman."

Suka bar shi ya huta kwana goma. Ya ce kwana goman nan har daɗi ya ji, yana kwance da karyayyen hannu yana tunanin ya yi musu wayo.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba ba zai gane yadda mutum zai yi wannan kuskure ba. In aka mayar wa jariri sunan kakansa, uban ba zai iya kiran sunan mahaifinsa a kan yaro ba, uwar ma ba za ta ambaci sunan surukinta ba. Sai a ba yaron wani suna na kira, na gaskiyan ya kwanta tun ranar suna. Ɗan farin Malam Osman, wanda aka mayar wa sunan kakan, ranar Laraba aka haife shi, shi ya sa ake ce masa Ɗanlarai. Iliasu ya san sunan yankan wansa, amma tunda aka haife shi bai taɓa jin wani ya kira shi da shi ba. Mutanen mai gilashi suka je Salaga, aka nuna musu kaburbura uku. Da suka tambayi na huɗu, wani maƙwabci mai son taimako ya ce tsohon ya daɗe da rasuwa, amma takwaransa na Yendi yana sayar da goro.

Da hantsi aka buɗe ƙofar siton aka wurgo Ɗanlarai. Bai zo da sauƙi ba, an ce a kasuwar Yendi ya karya wa ɗayansu muƙamuƙi, saboda haka tun a mota suka rama. Ido ɗaya ya rufe, kunnensa ya tsage. Iliasu ya ja jiki ya isa gare shi yana kuka kamar yaro.

"Yaya, Kaka na nufa. Wallahi Kaka na nufa."

"Na sani, sakarai," in ji Ɗanlarai. "Tun a hanya na gane. Su wane ne na gaskiyan?"

"Yaran ajina ne. Babbansu shekara goma sha shida. Da yarinya a ciki."

"Me suka yi?"

"Igiya za su riƙe mini."

Ɗanlarai ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya ce, "Duk wannan a kan gyaɗar taka ce?" Iliasu ya ɗaga kai.

Bayan azahar aka fito da su biyu. Mai gilashi ya fusata, don an sa shi yawon maƙabarta. Tafinta ya ce, "Masta ya ce ka yi ƙarya uku. Yanzu ka kawo suna na gaskiya, ɗan'uwanka ya hau mota ya koma wajen matansa yau. In ba haka ba, kai ba a taɓa ka kuma. Shi za a taɓa, kai ka duba."

Haka suka yi. Suka zaunar da Iliasu a kan buhu, suka rataye Ɗanlarai a sikelin. Bel ɗin na sauka fata na tashi. Iliasu ya gaya mini, kuma bai ɓoye ba, cewa sunana ya zo har kan harshensa. Ya buɗe baki ya ce, "Ku tsaya, zan faɗa." Sai Ɗanlarai ya ɗago kai ya daka masa tsawar da aka ji har bakin titi.

"Iliasu! In ka buɗe bakin nan ban yafe maka ba duniya da lahira!" Ya juya ga tafinta. "Kai, gaya wa mai gilashin nan, ni ne Abdul-Kadiri. Rukuni huɗun duka ni ne shugabansu. Ni ne gyaɗa, ni ne dawa, ni ne dankalin ubansa. Wannan ƙanena ne, rubutu kawai na sa shi."

Tafinta ya fassara har da zagin. Daga nan suka manta da Iliasu. Kwana biyu suna neman Ɗanlarai ya faɗi inda ya binne wutar, shi kuma yana aika su wurare, ƙarƙashin kujerar mai gilashi, cikin wandon tafinta. A rana ta uku da safe wani ya sa masa takalmi a ƙirji, wani abu ya fashe a ciki. Ya rasu kafin la'asar, kansa a kan cinyar ƙanensa. Mutanen zango suka karɓi gawar suka binne, ba wanda ya yi tambaya.

Mu kuwa muna waje lafiya lau. Na jefa igiyar a rijiya, na ƙone turakun. Mu huɗun ko gaisawa mun daina yi. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanmu sai in ce ni aka zo ɗauka, amma ba wanda ya zo.

Bayan wata biyar aka saki Ticha, ba shari'a, ba bayani. Yatsu uku na hannun damansa sun warke a karkace, haƙoran gaba babu, kunne ɗaya ya daina ji. Kowa ya ɗauka zai tattara ya koma Salaga. Sai ga shi ranar Litinin a ƙofar aji, yana koyon riƙe alli da hagu. Shekara ashirin da biyu ya ƙara yana koyarwa a Bawku, kuma duk shekara sai ya yi darasin nan, da sunan nan, bai sauya ko baƙi ɗaya ba.

Karo na farko da ya yi shi watan Mayu ne na 1963, da ruwan farko ya sauka. Ba gyaɗa a fili da za a tumɓuke, sai ya zo da waken da ya raina a gwangwani don ya nuna mana saiwa. Ya zana gida huɗun a allo da hagu, layukan a karkace. Yana cikin bayanin dalilin da ya sa dawa ke bin bayan gyaɗa, sai wata mata ta yi sallama a ƙofa, da mayafi fari da goyo a baya. Zalia ce, matar Ɗanlarai. Ta gama takaba ta hau motar Yendi.

Ticha ya ajiye allin ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta shigo ta tsaya a gaban allo tana kallonmu, mu talatin da ɗaya.

"Iliasu, ban zo faɗa ba," ta ce. "An gaya mini saboda yara huɗu ne. Nuna mini su."

"Yaya Zalia, ki yi haƙuri. Ban faɗa a can ba, ba zan faɗa a nan ba."

"Ni ba bulala na riƙo ba."

"Na sani. Amma garin nan har yanzu da masu kai magana."

Ta bar shi ta juyo gare mu. Ta ce, "'Ya'yana, ba abin da zan yi muku. Yaron nan da ke bayana bai san ubansa ba. In ya girma zai tambaye ni, ina so in ce masa na ga fuskokinsu, mutane ne, suna nan da rai. Duk wanda ya san yana ciki ya miƙe kawai in gan shi, in kama hanya."

Ba wanda ya motsa. Ina jin numfashin Yusif a bayana. Sana ya kafa ido a kan tebur. Ticha ya juya wa aji baya gaba ɗaya, yana fuskantar allo, don kada idonsa ya faɗa kan wani. Sai benci ya yi ƙara a layin gaba, Rafi'atu ta miƙe, hawaye na zuba. Zalia ta je ta kama fuskarta da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Allah ya raya ki." Ta ɗago ta sake duban ajin, ta ce, "Saura uku."

Ta jira. Wallahi ta daɗe tana jira, har goyon ya fara kuka ta jijjiga shi ta ci gaba da jira. Ni ne babba a cikin huɗun, ni ne ƙato, ni ne mai baki a filin ƙwallo. Na dafa teburin da hannu biyu zan tashi, sai na ji kamar ƙarar mota a bakin hanya, na saki teburin ban tashi ba. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba. Zalia ta gyara goyonta ta yi wa Ticha sallama ta fita, ni kuwa ina zaune.